An sace babbar wayata, sai rakani-kashi: ta yaya zan koma Gmail ɗina?

"An fizge min waya a tasha, ƙaramar Nokiya kaɗai ta rage min. Imel ɗina ya tafi ke nan?"

Bai tafi ba, muddin layin da ka yi rajista da shi zai dawo hannunka. Fara da ofishin kamfanin layin, ka tafi da lambar NIN ɗinka a yi maka walkam bak. Da zarar sabon sim ya kama, na hannun ɓarawon ya mutu. Sa shi a ƙaramar wayar. Aikinta ɗaya ne, karɓar lambar da Google zai turo. Rubutun kuwa sai ka ari waya ko kwamfuta.

"To idan na ari wayar ƙanwata, me zan danna?"

Buɗe Chrome, taɓa ɗigo ukun nan na sama, zaɓi "New Incognito tab", ka rubuta `g.co/recover`. Sa adireshin imel ɗinka. Nan ne mutane ke cijewa, don Google yakan fara tura tambayar amincewa zuwa wayar da aka sace. Kada ka zauna jira, danna "Try another way" har sai ya nuna lambar wayarka da aka rufe, saura alƙaluma biyun ƙarshe. Idan sun dace da layinka, nemi saƙo. Zai shigo rakani-kashi da G- a gaba da alƙaluma shida.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya shiga Settings na wayar aro ya ƙara asusunsa a can. Kafin ka ankara lambobin mutanenka sun cika wayar ƙanwarka, saƙonninka na faɗo mata tana tsakiyar kallo. A Incognito kuwa, kana rufe shafukan duka an fitar da kai.

"Na jira, saƙon bai zo ba."

Duba akwatin saƙo tukuna. Ƙananan wayoyin nan ba su da wuri, idan ya cika za ka ga ambulan yana ƙyaftawa a sama, sabon saƙo ba ya shiga sai ka goge tsofaffi. In ba haka ba ne, zaɓi a kira ka idan an ba ka zaɓin, murya za ta karanto lambar. Kada ka yi ta danna neman sabuwa, ta ƙarshe ce kawai ke aiki.

"Na shiga. Saura me?"

Canza kalmar sirri, sannan a `myaccount.google.com` shiga Security, nemi "Your devices", ka fitar da wayar da aka sace. Idan kana da "2-Step Verification", wato tabbatarwa ta biyu bayan kalmar sirri, ciro "Backup codes", lambobin ajiya da za ka shiga da su idan babu waya a hannunka: guda 10 ne, kowace alƙaluma 8, sau ɗaya ake amfani da ita. Kwafe su da biro a takarda, kada ka ɗauki hotonsu da wayar aro.