Lauya ya ce sai an yi furobet, me yake nufi?

Da an ji lauya ya ce dukiyar mamaci sai ta bi ta furobet sai hankalin gida ya tashi, a zaci kotu ce za ta zo ta raba gado da dokar Turawa. Ba haka abin yake ba. Furobet izini ne kawai, takarda ce da wani ofishi a Babbar Kotun jiha yake bayarwa da ke cewa wane da wane ne ke da ikon karɓo dukiyar daga hannun banki ko kamfanin fansho.

Asali ma kalmar ta wanda ya bar rubutacciyar wasiyya ce, kotu ta tabbatar da ingancinta ta ba waɗanda ya naɗa a cikinta dama su zartar. Mu kuwa yawanci ba ma rubutawa, to abin da za a ba ku shi ne takardar izinin kula da dukiya, wadda lauyoyi ke ce wa leta of administireshan, ofis ɗaya ne dai ke bayar da su shi ya sa ake haɗa su a suna ɗaya.

A ce Malam ya rasu ya bar naira miliyan 2.4 a banki, da mata ɗaya, ɗa namiji ɗaya da 'ya mace ɗaya, iyayensa sun riga shi. Babban ɗan ya je banki wai shi ne nekis of kin, banki ya ce a'a, kuma gaskiyar banki ce, wannan sunan na wanda za a tuntuɓa ne, bai mayar da shi magaji shi kaɗai ba. Sai iyali su fitar da mutum biyu, su kai takardar shaidar mutuwa ofishin furobet su cike fom, a ba su takardar da banki zai rubuta nawa ne a asusun, a biya kuɗin kotu gwargwadon dukiyar (kowace jiha da nata lissafin), a kawo masu tsaya musu, sannan a buga sanarwa don duk mai ƙorafi ya fito. Abin yakan ci watanni, musamman in akwai rigimar 'yan uba.

Kuɗi ya fito? To ba na waɗannan biyun ba ne fa, amana ce, nan mutane ke zamewa. A fara biyan bashi da wasiyya in akwai, sannan malami ko alƙalin kotun shari'a ya raba. In babu ko ɗaya kuma ba a taɓa kuɗin ba, matar ta ɗauki tumuni, 300,000, namiji 1,400,000, mace 700,000.

Ku tattaro komai kafin ku cike fom, don asusun da bai shiga takardar ba banki ba zai saki ba, sai an koma kotu an ƙara shi. Masu zuwa su kwashe kuɗin da katin ATM ɗin mamaci kuma, banki na da ranar kowane ciri a rubuce, duk magajin da ya kai ƙara zai iya sa a binciko.