Maganin sha a jiyyar makeron kai ga yaran makaranta

Makeron kai cuta ce ta fatar kai da gashi, wadda wasu ƙwayoyin cuta dangin funfuna suke haddasawa, kuma ta fi kama yara tun daga shekara 3 har zuwa gab da balaga. A Damagaram, kamar sauran garuruwan Sahel, ana yawan ganinta a makarantun boko da na allo, inda yara suke cuɗanya, suna aron hula da mataji, ana kuma yi musu aski da aska ɗaya. Likitocin fata sun haɗu a kan cewa wannan cuta ba ta warkewa da maganin shafawa kaɗai, dole ne yaro ya sha magani na tsawon makonni. A nan ne ta sha bamban da makeron jiki, wanda man shafawa yakan kawar da shi cikin mako 2 zuwa 4.

Abin da ya sa man shafawa ba ya wadatarwa

Dalilin yana cikin yadda aka halicci gashi. Kowane silin gashi yana fitowa ne daga wani siririn rami da ya nutsa cikin fata, kuma a gindin wannan rami ne sabon gashi yake samuwa. Idan ƙwayar cutar ta sauka a kan yaro, takan fara yaɗuwa a saman fata, daga nan ta bi ramin ta gangara, ta kutsa cikin silin gashin tun bai leƙo waje ba. Saboda haka gashin yana tsirowa ne da cutar a jikinsa, ya fito a raunane, ya karye dab da fata, har a ga fili ya buɗe a kai. Man shafawa irin su mikonazol da kulotirimazol suna kashe abin da suka tarar a sama, amma ba sa ratsawa har gindin ramin da ƙarfin da zai yi wani tasiri. Kamar a shafa wa azara fenti ne alhali gara tana cin ta daga ciki.

Wannan ne yake yaudarar iyaye da yawa. Bayan kwanaki ana shafawa, farin garin da ke kan wurin yakan ragu, ƙaiƙayi ya lafa, sai a ɗauka an samu lafiya, a ajiye magani. Ba a jimawa wurin ya sake yin fari, wataƙila ma ya ƙara faɗi, kuma duk tsawon lokacin yaron yana ta raba cutar ga ƙannensa da abokan zamansa a aji.

Maganin sha kuwa ta jini yake bi. Yana isa gindin gashi, ya shiga cikin sabon gashin da ake ƙerawa, ta yadda ƙwayar cutar ba za ta iya cin sa ba. Tsohon gashin da ya riga ya kamu ba ya gyaruwa, sai dai sabo ya turo shi waje a hankali. Da yake gashin kai ba ya wuce kimanin santimita 1 a wata, ba yadda za a yi jiyyar ta ƙare cikin kwanaki kaɗan, komai ingancin maganin.

Yadda ake gane cutar

Alamar da aka fi sani ita ce fili ɗaya ko fiye a kai, mai farin gari kamar toka, gashin wurin ya kakkarye. A wasu yaran gashin yana karyewa daidai da fata, ya bar ɗigo-ɗigo baƙaƙe, a wasu kuma abin yana bazuwa kamar amosani ba tare da fili bayyananne ba, kuma wannan nau'in ne ake yawan kuskure a kansa, musamman a kan ƴan mata masu kitso. Kaluluwa a ƙeya ko bayan kunne tana ƙarfafa zato. Idan fili ya kasance sumul, ba gari, ba karyayyen gashi, ba ƙaiƙayi, to mai yiwuwa wata cutar zubewar gashi ce dabam, wadda maganin makero ba zai amfana mata komai ba.

A babban asibiti ana iya tsige guntayen gashi a duba su da madubin likita, ko a shuka su a ɗakin gwaji don a san jinsin ƙwayar, aikin da yake ɗaukar makonni. A ƙananan cibiyoyin lafiya na unguwa da na karkara kuwa, yawanci da ido da hannu ake yanke hukunci, kuma idan alamu sun bayyana sarai ba a jinkirta magani don jiran gwaji.

Magunguna biyu da aka fi dogara da su

Na farko shi ne girisiyofulbin, wanda aka gano a 1939 daga wani nau'in funfuna, aka kuma fara bai wa mutane shi a 1958. Kafin zuwansa, a ƙasashe da dama ana zubar da gashin yara ne da hasken hoton ƙashi domin a rabu da cutar, hanyar da daga baya aka gane tana jawo ciwon daji. Har yau yana cikin jerin muhimman magungunan yara na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba ya kashe ƙwayar cutar kai tsaye, hana ta hayayyafa yake yi, shi ya sa ake shan sa kullum na mako 6 zuwa 8, wani lokaci ma fiye. Adadin da aka saba bayarwa shi ne kimanin miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin yaro a rana.

Na biyu shi ne tarbinafin, wanda yake kashe ƙwayar, kuma mako 4 yakan isa. Ana auna shi ne da rukunin nauyi: yaro mai kilo 10 zuwa 20 yana shan miligiram 62.5 a rana, mai kilo 20 zuwa 40 yana shan 125, wanda ya haura kilo 40 kuma 250.

Zaɓi tsakaninsu ya dogara ne da jinsin ƙwayar. Tarbinafin ya fi ƙarfi a kan jinsin Tirikofiton, wanda yake cika cikin silin gashi, girisiyofulbin kuma ya fi shi a kan jinsin Mikirosiforum, wanda yake lulluɓe silin daga waje. Dukansu biyu suna yawo a tsakanin yaran Afirka ta Yamma, daga mutum zuwa mutum. Don haka inda babu gwaji, girisiyofulbin ne zaɓin da ya fi aminci, domin yana aiki a kan jinsunan biyu, duk da cewa tsawon jiyyarsa ya fi wahalar da iyaye. Ƙwayar ketokonazol ta sha ba ta cikin wannan zaɓi, saboda illar da take yi wa hanta ta sa hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta dakatar da ita a 2013.

Misalin jiyya

A ɗauka an kawo yaro ɗan shekara 8 daga unguwar Birni, mai nauyin kilo 25, da fili biyu masu farin gari a tsakiyar kai da kaluluwa a ƙeya, bayan an yi wata guda ana shafa masa mai ba canji. Ma'aikacin lafiya zai fara ɗora shi a kan ma'auni, domin lissafi da shekaru yana sa a bai wa yaro abin da bai kai ba. Kilo 25 sau miligiram 20 ya ba da miligiram 500 na girisiyofulbin a rana, wato ƙwaya ɗaya ta 500 ko biyu na 250. Mako 6 yana buƙatar ƙwaya 42 ta 500, idan aka kai mako 8 kuma 56. Yana da kyau a faɗa wa uban yaron wannan jimilla tun ranar farko, saboda galibi ana sayen kati ɗaya ne mai ƙwaya 10, idan ya ƙare a ɗauka magani ya cika. A ganin ma'aikatan lafiya, wannan tsayawa a tsakiya ya fi kowane dalili lalata jiyya.

Sai maganar abinci. Girisiyofulbin ba ya narkewa sosai a ruwa, hanji ya fi tsotsarsa idan akwai maiƙo tare da shi. Yaron da aka ba shi ƙwayar da asuba da ruwa zalla, ciki ba komai, ya tafi makaranta, kaɗan ne daga maganin zai shiga jininsa. Ya fi kyau a ba shi bayan tuwon dare mai miyar da aka sa mai, ko da madara, ko kindirmo, ko kunun gyaɗa. Idan ba ya iya haɗiye ƙwaya, ana iya niƙa ta a dama cikin cokali guda na kindirmo.

Ana duba yaron bayan mako 4. Abin da ake nema shi ne farin garin ya ragu, kaluluwa ta sace, siraran sababbin gashi kuma sun fara leƙowa a cikin filin. Idan ba a ga haka ba, kafin a ce magani bai yi ba ana tambaya ko yana shan sa kullum, ko da abinci yake sha, ko kuma akwai wani mai cutar a gida da yake sake shafa masa. Bayan an tabbatar da waɗannan ne ake tsawaita lokaci ko a sauya magani. Da a ce tarbinafin aka zaɓa wa wannan yaro, da zai sha rabin ƙwayar 250 kullum na kwana 28, wato ƙwaya 14 ke nan.

Illolin girisiyofulbin da aka fi gani su ne ciwon kai, tashin zuciya, gudawa, da saurin ƙunar fata a rana, abin lura a gari mai zafin rana irin Damagaram. Wani lokaci ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi sukan feso a fuska da wuya a makon farko, kuma sau da yawa martanin jiki ne ga ƙwayar cutar, amma likita ne zai bambance shi da rashin jituwa da magani. Idan idanu suka yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ko leɓe da fuska suka kumbura, ana dakatar da magani a koma asibiti nan take. Ba a bai wa mai ciwon hanta girisiyofulbin, haka ma mace mai ciki, don haka uwa mai juna biyu kada ta sha ragowar na ɗanta.

Nau'i mai kumburi

A wasu yaran jiki yana yaƙar cutar da ƙarfi, wurin ya kumbura ya yi taushi, yana tsattsafo da mugunya ta ramukan gashi, yana ciwo idan an taɓa. Mutane kan ɗauke shi maruru ne, su kai wa wanzami ya tsaga, ko su sayi maganin kashe bakteriya. Tsagawa ba ta fitar da komai sai ƙarin rauni, domin ba aljihun mugunya ba ne a ciki. Wannan nau'in shi ya fi buƙatar a gaggauta maganin sha, saboda kumburin yana iya lalata ramukan gashi ya bar tabon da gashi ba zai sake tsirowa a kansa ba.

Gurbin abin shafawa

Duk da haka abin shafawa yana da nasa aiki, wato rage yaɗa cutar. Sabulun ruwa na wanke kai mai ketokonazol kashi 2 cikin 100, ko mai seleniyom, ana amfani da shi sau 2 a mako, a bar kumfar minti 5 kafin a ɗauraye, yana rage ƙwayoyin da suke zubowa daga kai. Ana so sauran yaran gidan ma su yi amfani da shi, a kuma duba kawunansu, tunda akwai masu ɗauke da cutar ba tare da wata alama ba. Man da ke ɗauke da sinadarin betametazon, wanda ake sayarwa a kasuwa a matsayin maganin kowace cutar fata, yana kwantar da ƙaiƙayi amma yana ba ƙwayar damar bazuwa, yana kuma ɓoye alamun da likita zai gane ta da su. Aske kai ba sharaɗi ba ne, idan kuma za a yi, da sabuwar reza ake yi, ba da injin mai askin unguwa ba. Mataji da hula da zanen matashi ana wanke su da ruwan zafi da sabulu. Yaron da ya fara shan magani ba a hana shi zuwa makaranta, sai dai malami ya sa ido kada ya yi musayar hula ko mataji da sauran yara har ya kammala makonninsa.