Baƙin bayan gida da bayan gida mai jini

Baƙin bayan gida, wanda likitoci ke kira melina daga kalmar Girkanci mai ma'anar baƙi, alama ce ta zubar jini a cikin hanyar abinci. Launinsa kan nuna wurin da jinin ya fito.

Baƙi kamar kwalta

Idan jini ya zuba a sama, wato a maƙoshi ko tumbi ko farkon ƙaramin hanji, ruwan narka abinci da ƙwayoyin cikin hanji kan sauya shi a tsawon sa'o'i. Sai ya fito baƙi ƙirin, mai danƙo, da ɗoyi mai tsanani. Kimanin mililita 50 zuwa 100 na jini ya isa ya haifar da haka.

Gyambon ciki ne kan gaba wajen jawo shi. An daɗe ana ɗora laifin gyambon a kan damuwa da yawan sinadarin tsami, sai a wajajen 1982 wasu likitoci biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka danganta shi da ƙwayar cutar Helikobakta filori, aikin da ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 2005. Sanadin gyambon na biyu shi ne magungunan rage ciwo irin su asfirin da diklofenak, masu raunana kariyar bangon tumbi. A ɗauki misalin dattijo mai ciwon gwiwa da ya yi makonni yana shan diklofenak. Cikinsa bai taɓa ciwo ba, domin irin wannan gyambon yakan zo shiru. Kwana biyu yana ganin baƙin bayan gida, a na uku ya miƙe tsaye jiri ya kwashe shi, zuciyarsa na bugawa fiye da sau 100 a minti. Kafin nan ya riga ya zubar da jini mai yawa. A masu ciwon hanta mai tsanani kuma, jijiyoyin maƙoshi kan kumbura su fashe.

Ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe ma suna baƙanta bayan gida, amma galibi babu danƙo da wannan ɗoyin.

Jan jini

Yakan fito ne daga babban hanji ko dubura: basur, tsagewar dubura, atuni, kumburin hanji ko sankara. Samun basur ba ya kore yiwuwar sankara, musamman ga wanda ya manyanta ko yake ramewa. Zubar jini mai ƙarfi daga tumbi ma tana iya fitowa da ja.

A asibiti

Baƙin bayan gida na buƙatar ganin likita a ranar. Idan da aman jini, suma ko gumi mai sanyi, nan take. Gwajin jini na farko yana iya yaudara, don ma'aunin jinin ba ya sauka sai bayan sa'o'i. Ana ƙara ruwa ko jini, sannan a zura bututu mai kyamara ta baki, yawanci cikin sa'o'i 24, a gano wurin, a ƙone jijiyar ko a matse ta.