Ba ka da mita, amma kuɗin wutarka yana da iyaka

An daɗe ana cewa wanda ba shi da mita, duk abin da 'yan NEPA suka rubuto masa dole ya biya. Ba haka ba ne. Tun 2020 hukumar kula da harkar wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta sa iyaka ga bil ɗin ƙiyasi, kuma tana fitar da iyakar yunit ta kowane layin wuta wata-wata a shafinta na intanet.

Ɗauko takardar bil ɗinka, nemo sunan layinku da rukuninsa. Rukunin yana bin awannin wutar da aka yi wa layin alkawari: Band A aƙalla 20 a rana, Band C 12.

A ce iyakar layinku yunit 150 ce, farashin yunit naira 50. Kuɗin ya kama 7,500, da harajin VAT na kashi 7.5 ya zama 8,062.50. In ka ga yunit 300, an ninka maka. In kuma ka ga tsayayyen caji na wata, an soke shi tun Fabrairun 2016.

Rubuta ƙorafi ga kamfanin da ke ba ku wuta, ka karɓi shaidar sun amsa. Bayan kwanakin aiki 15 ba gyara, kai maganar ofishin sauraron ƙorafi na NERC.