Waiwaye kan akwatin imel na sashenmu: takardar miƙa aiki

Malama, barka da kama aiki. Akwatin Gmail da za ki gada yana da lakabi biyar da ƙa'idojin tacewa uku, kuma ba rana ɗaya aka kafa su ba. Kowanne da abin da ya haife shi, shi ya sa nake roƙon kada ki goge ko ɗaya sai kin san asalinsa.

Kafin 2020 akwatin nan kusan ado ne, domin komai ta rajista yake shigowa a buga masa hatimi. Da aka rufe Abuja ranar 30 ga Maris 2020 saboda korona, wasiƙu suka koma imel, muka ɗauko alamomin da muka saba rubutawa a fayil muka mai da su lakabi. KIV na abin da ake jiran amsar wani ne kafin a ci gaba, DONE na abin da aka kammala. Da hannu ake saka waɗannan biyun. Idan kin saka DONE ki cire KIV, don Gmail yana barin saƙo ɗaya ya ɗauki lakabi da yawa, ba zai cire miki tsohon ba.

Ƙa'ida ta farko ba ta da rigima. Duk saƙon da ya zo daga adireshin gwamnati, wato `from:(gov.ng)`, tana saka masa CIRCULAR, kuma an zaɓi "Never send it to Spam". Dalili shi ne abin da ya faɗa Spam yakan goge kansa bayan kwana 30.

Ta biyu ce ke buƙatar hankalinki. Tun da aka tilasta asusun bai ɗaya na TSA a 2015 ake biyan kuɗin hukuma ta Remita, kuma bayan kulle mutane suka saba turo mana rasit ɗauke da lambar RRR. Rasit ya cika akwati har wasiƙun aiki suna nutsewa. Sai aka kafa ƙa'idar da ke saka RECEIPT ga duk saƙon da kalmar Remita ta fito a ko'ina cikinsa, tare da "Skip the Inbox (Archive it)", wato ya wuce ma'ajiya ba tare da ya tsaya a Inbox ba.

Ta uku kuma, mai lakabin FOI, ta buƙatun da ake turowa ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ce. Dokar ta ba hukuma kwana 7 daga ranar karɓar buƙata, ana iya ƙarawa da abin da bai wuce wasu 7 ba bisa sharaɗi, kuma shiru bayan wa'adi ana ɗaukarsa ƙin bayarwa ne, mai buƙata yana iya garzayawa kotu. Ƙa'idar tana saka wa saƙon tauraro da jan lakabi.

Ga inda biyun suka yi karo. Wani ya turo buƙatar FOI yana tambayar kuɗin da sashenmu ya tara ta Remita. Gmail ba ya tsayawa a kan ƙa'ida guda, duk wadda ta dace da saƙo sai ta yi aikinta. Ta uku ta saka jan lakabi, ta biyu ta kwashe saƙon daga Inbox. Ba wanda ya gan shi sai da takardar tuni ta iso teburin Darakta, wa'adi ya riga ya wuce. Abin ya dame ni ƙwarai, domin mutumin ya bi doka daidai, haƙƙinsa ne a amsa masa. Bayan nan aka taƙaita ƙa'idar rasit zuwa kan saƙo kaɗai, aka kuma keɓe FOI:

```
subject:(Remita OR RRR) -FOI -"Freedom of Information"
```

Gyaran bai toshe komai ba. Mai buƙata zai iya rubutu da Hausa, ko ya ƙi ambaton sunan dokar, kuma ƙa'ida kalma kawai take gani. Don haka kowace safiya ki buɗe RECEIPT ki duba kawunan saƙonni, ki saka FOI da hannu inda ya dace, sannan ki rubuta wannan a wurin bincike:

```
label:FOI -in:inbox -label:DONE
```

Duk abin da ya fito buƙata ce da ta bar Inbox ba a amsa ba. Ki lissafa kwana 7 daga ranar da ta shigo, ba ranar da kika gan ta ba.

Idan za ki gyara wata ƙa'ida, tana Settings, ƙarƙashin "Filters and Blocked Addresses". Ki fara zaɓar ƙa'idojin, ki danna Export ki ajiye kwafi. Gyara ba ya taɓa tsofaffin saƙonni sai kin zaɓi "Also apply filter to matching conversations", kuma kada ki zaɓe shi a ƙa'idar rasit sai kin duba jerin abin da zai kwashe. Lambar tabbatar da shiga har yanzu wayata take zuwa. Mu zauna ranar Litinin mu mai da ita taki, ki kuma sauya kalmar sirri a ranar.

Allah ya ba ki ikon riƙewa.