Dankalin turawa da ya yi tsiro ko ya yi kore: fera shi tana isa?

Na sayi kwandon dankalin turawa, bayan mako uku na tarar wasu sun fitar da tsiro, wasu kuma ɓawonsu ya yi kore. Idan na fere su da kyau, za a iya ci?

Wasu za su ciwu, wasu kuma babu abin da ya dace da su sai zubarwa, kuma wuƙa ce za ta raba gardamar. Dankalin da har yanzu yana da tauri, tsironsa gajere ne, koren kuma ɗan tabo ne a gefe ɗaya, ana ƙwaƙule tsiron tare da idon da ya fito daga ciki, a fere ɓawon da kauri, a yanke wurin koren har sai tsokar da ta rage ta fito fara ko rawaya tas. Wanda ya yanƙwane ya yi laushi, ko tsiro ya yi masa yawa, ko kuma aka fere aka ga koren ya nutsa cikin tsoka, wannan ya wuce gyara. Haka nan duk wanda aka dafa aka ji yana ɗaci ko yana ƙona maƙogwaro, ko da a ido bai nuna komai ba. Idan ƙananan yara ne za su ci, ni ba na ganin hikimar gyaran wanda ya yi kore sam, gara a zaɓa musu masu kyau daga cikin kwandon.

Shi koren ne gubar?

A'a. Koren shi ne sinadarin da ke sa ganyen kowace shuka ya yi kore, irin wanda muke ci kullum a alayyafo da zogale, kuma ba ya cutarwa. Dankali a asalinsa reshen shuka ne da ya kumbura a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa da zarar haske ya same shi sai ya fara yin abin da reshe yake yi. Hasken da ke haddasa koren shi ne kuma yake sa dankalin ya ƙara haɗa wasu sinadarai biyu masu ɗaci, solanin da ɗan'uwansa cakonin, waɗanda shukar ke kare kanta da su daga ƙwari da cututtuka. A bakin mutane an fi haɗa su duka a kira su solanin, kuma haka za mu yi a nan.

Ayyukan biyu suna tafiya tare, amma ba abu ɗaya ba ne. Ke nan kore alama ce cewa dankalin ya sha haske, ba ma'aunin yawan gubar ba. Dankalin da ya daɗe a ajiye, ko ya bugu, ko fartanya ta sare shi wajen haƙa, yana iya tara solanin ba tare da ya yi kore ba, mai jan ɓawo kuma yana iya yin koren a ɓoye. Kowane dankalin turawa lafiyayye yana da ɗan solanin, yawanci ƙasa da miligiram 100 a kowane kilo, kuma iyakar da aka daɗe ana aiki da ita a ƙasashe da yawa ita ce miligiram 200. Harshe yakan fara jin ɗaci tun kafin a kai wannan iyaka.

To, nawa ne ainihin abin da ferewa take cirewa?

Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta tattara binciken da aka yi a kan wannan a shekarar 2020, inda ta ce ferewa tana rage sinadarin da kashi 25 zuwa 75 cikin ɗari. Wannan tazara mai faɗi ita ce gaskiyar al'amarin, domin mutum biyu za su iya fere dankali, ɗaya ya kawar da kashi uku cikin huɗu na gubar, ɗaya kuma ya bar kashi uku cikin huɗu a tukunya.

Dalilin bambancin yana ga inda gubar take zaune. A lafiyayyen dankali mafi yawanta tana cikin ɓawo da siririyar tsokar da ke manne da shi, kamar milimita ɗaya da rabi daga waje, sai kuma kewayen idanu. Wanda ya kankare ɓawon sama-sama da bayan wuƙa, kamar yadda ake yi wa sabon dankali don gudun asara, ya bar wannan siririyar tsoka a jiki, wato ya bar inda gubar ta fi taruwa. Wanda ya sa wuƙa ya ɗebe kaurin milimita biyu zuwa uku ya kwashe mafi yawanta. Girman dankalin ma yana da tasiri, domin ƙananan nan da ake son dafawa da ɓawonsu sun fi manya yawan ɓawo idan aka auna da nauyinsu, don haka sun fi ɗauke da sinadarin a kowane kilo.

Matsalar da ta fi wannan ita ce, idan dankali ya tara gubar da yawa, ba ta tsayawa a ɓawo. Tana yaɗuwa zuwa cikin tsoka, kuma a lokacin ferewa ba ta da ƙarfin da take da shi a lafiyayyen dankali. Wato a daidai inda aka fi buƙatar ferewa ta yi aiki, a nan ne ta fi gazawa.

Mu ɗauki misali da lissafi. A ce dankalin ya yi kore sosai har yana ɗauke da miligiram 300 a kowane kilo. Idan ferewar ta yi kyau ta cire kashi 75, saura miligiram 75. Idan ta cire kashi 25 kawai, saura 225, wanda har yanzu ya haura iyakar 200. Yanzu a zuba wa yaro mai nauyin kilo 15 giram 200 na wannan dankali, kimanin matsakaita guda biyu. A hali na farko ya ci miligiram 15, wato miligiram ɗaya ga kowane kilo na jikinsa, kuma wannan shi ne daidai matakin da hukumar ta ce ciwon ciki da amai suna iya farawa. A hali na biyu ya ci miligiram 45, uku ga kowane kilo, wanda ya shiga matakin guba mai tsanani. Mahaifinsa mai kilo 60, ko da ya ci giram 300 daga tukunya ɗaya, abin da zai same shi bai kai rabin miligiram ga kowane kilo ba a hali na farko, a na biyu kuma ya ɗan haura ɗaya. Dahuwa za ta ɗan rage waɗannan alƙaluma, amma ba za ta sauya hoton ba: abincin da babba zai ci ya tashi da ɗan murɗawar ciki yana iya kwantar da yaro a asibiti.

Wuta ba ta kashe shi?

Ba ƙwayar cuta ba ce balle wuta ta kashe ta. Solanin yana jure zafin tafasasshen ruwa, kuma sai zafi ya wuce digiri 170 yake fara lalacewa, abin da ba ya samuwa sai a saman dankalin da ake soyawa a mai mai zafi ko ake gasawa, ba a tsakiyarsa ba. Ɗan ragin da ake samu a tafasa yana zuwa ne daga abin da ya fita cikin ruwan, saboda haka a tsiyaye ruwan a zubar. A fate ko miya, inda ruwan dahuwar yake zama cikin abincin, ba a samun ko wannan ragin.

Tsiron fa, ya fi koren haɗari?

Idan ana maganar yawan guba a wuri ɗaya, tsiro ya fi kowane sashe na dankalin, domin a cikinsa ana samun dubban miligiram a kowane kilo. Sauƙinsa shi ne a waje yake, ana ganinsa, ana cire shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a karye tsiron da yatsa a bar gindinsa, alhali idon da tsokar da ke zagaye da shi su ma suna ɗauke da sinadarin. A sa bakin wuƙa a ƙwaƙule idon, a bar ɗan rami a wurin. Idan tsiron ya kai tsawon yatsa, dankalin kuma ya motse, to abincin da ke cikinsa ya riga ya tafi ga tsiron, babu ma daɗin da za a ci.

An taɓa samun mutanen da ya cutar da gaske?

An samu, kuma abin lura shi ne sau da yawa a makarantu ne, inda ake ajiye buhuna su daɗe, masu ci kuma yara ne. Likitoci sun bayar da rahoto a 1979 game da wata makaranta a kudancin Landan inda yara maza 78 suka kamu da amai da gudawa, aka kwantar da 17 a asibiti, wasu har suka fita hayyacinsu, ko da yake duk sun warke. An gano cewa dankalin da aka dafa musu ragowar wanda aka ajiye ne tun zangon karatun da ya gabata. A 1983 kuma, a lardin Albata na ƙasar Kanada, mutum 61 cikin ɗalibai da ma'aikata 109 suka yi rashin lafiya bayan cin gasasshen dankali mai ɗan kore da ɗaci, wanda da aka auna shi aka tarar yana da kusan miligiram 500 a kilo.

Alamomin sukan bayyana cikin 'yan sa'o'i, wani lokaci har zuwa kwana ɗaya: tashin zuciya, amai, ciwon ciki da gudawa. Babu wani makari na musamman, abin da ake yi shi ne mayar da ruwan da jiki ya rasa, da ruwan gishiri da sukari a gida ko ƙarin ruwa a asibiti. Idan aka ga yawan barci, ruɗewa, zazzaɓi ko kasala mai tsanani, ko kuma yaro ne yake ta amai, a tafi asibiti nan take, a kuma gaya wa likita abin da aka ci.

Dankalin Hausa ma haka yake?

A'a, sunan ne kawai ya haɗa su. Dankalin turawa dangin tumatir da gauta ne, dankalin Hausa kuwa daga wani dangi yake daban kuma ba ya yin solanin, don haka tsironsa ba wannan matsalar ba ce.

Yaya zan hana ragowar kwandon lalacewa?

Duhu da sanyi da iska. Dankalin da ake nomawa a Bokkos da Mangu ya fito ne daga sanyin tsaunukan Filato, idan ya iso Kano ko Sakkwato sai zafi ya gaggauta tsironsa, ga shi kuma ana kasa shi a rana a bakin kasuwa, inda 'yan kwanaki suka isa ya fara kore. Hasken ƙwan lantarki ma yana yin wannan aiki. A gida, a cire shi daga farar leda, a zuba a kwali mai huji ko kwandon da aka rufe da tsumma mai kauri, a ajiye a wuri mafi sanyi a ɗaki, nesa da murhu da taga, kuma kada a wanke shi sai za a dafa. A ware waɗanda suka bugu ko suka sare a fara cinye su. A lokacin bazara, sayen na mako ɗaya ko biyu ya fi sayen buhu, sai dai idan gidan yana da bakunan da za su cinye shi kafin ya yi tsiro.