Taƙaita shafukan lacca zuwa takardar bita guda ɗaya

Takardar bita shafi ɗaya ce da ake tattara jigon lacca a cikinta domin ɗalibi ya duba kafin jarrabawa. Akasari ana fitar da ita ne daga shafukan da malami ya haska a majigi lokacin darasi, waɗanda ɗalibai suke kira silaid, kuma lacca guda takan kai shafi hamsin ko sittin. Malami na iya shirya ta ya raba wa aji, ɗalibi ma na iya shirya wa kansa. Abin da ya raba ta da sauran rubuce-rubucen karatu shi ne iyakar wuri. Takardar A4 faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297, kuma idan girman rubutu ya tsaya a 10 ko 11 aka bar wa zane gurbi, abin da za ta ɗauka bai wuce kalma ɗari huɗu zuwa ɗari biyar ba.

Inda aka fi yin kuskure

Hanyar da take fara zuwa wa mai taƙaitawa a rai ita ce ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, yana tsamo layi guda daga kowanne. Da ɗan lissafi ake gane matsalarta: idan aka raba kalma 450 ga shafi 64, kowane shafi kalma bakwai zai samu, ko yana ɗauke da ma'anar da darasin gaba ɗaya ya ta'allaƙa a kanta, ko godiya ce kawai a cikinsa. An tsara silaid ne domin ya raka maganar malami, shi ya sa yake cike da guntayen jumloli, kalmomin da ke haɗa su kuwa, irin su "saboda", "sai dai" da "idan", a bakin malamin suka fito, ba su hau shafi ba. Wanda ya kwashe guntayen ya jera zai samu jerin sunaye da babu dalili a tsakaninsu, alhali dalilin ne aka fi tambaya a jarrabawa. Don haka ma'aunin da ya dace a yi aiki da shi shi ne tambayar da laccar ta amsa, a manta da yawan shafukanta.

Misalin aikin

A ɗauki wata lacca mai shafi 64 a kan zuciya da zagayawar jini. Aikin farko tantancewa ce, kuma ba a rubuta komai a lokacinta. Ana wucewa ta kan shafukan da sauri ana sa wa kowanne alama. A ce shafi 9 take ne da jerin abubuwan da za a tattauna da godiya, 14 zane ɗaya ne da aka maimaita ana ƙara masa kibiya a kowane shafi, 17 hotuna ne da misalan marasa lafiya, sauran 24 kuma su ne ke ɗauke da ma'anoni da matakai da lissafi. Tara na farko a ajiye su gefe, amma bayan an karanta shafin manufofin darasi da kyau, domin nan ne malami yakan bayyana abin da yake so a iya. Daga cikin 14 ɗin nan na ƙarshe kaɗai ake buƙata, tun da shi ne cikakken zanen. A manhajar PowerPoint, zaɓin Outline View yana nuna rubutun shafukan a jere, abin da ke sauƙaƙa wannan aiki, sai dai ba ya nuna hotuna ko rubutun da aka sa a akwati na daban, saboda haka dole a koma a duba shafukan zane da ido.

Bayan haka sai a tambayi shafuka 24 ɗin: wace tambaya kowanne yake amsawa? A wannan lacca za a tarar sun taru a ƙarƙashin tambayoyi shida ko kusa da haka, kamar ta wace hanya jini yake bi, me yake hana shi komawa baya, mene ne yake tayar da bugun zuciya, da kuma yaya ake lissafa yawan jinin da take turawa. Waɗannan tambayoyi su ne kanun takardar, kuma ba a raba musu wuri daidai wa daida. Hanyar jini, wadda ta ci shafi goma sha huɗu a majigi, layi ɗaya na kibiyoyi da ke bin ɗakunan zuciya huɗu ya ishe ta: jiki → ɗakin sama na dama → ɗakin ƙasa na dama → huhu → ɗakin sama na hagu → ɗakin ƙasa na hagu → jiki. Lissafin kuwa, ko da shafi ɗaya ya ci, yana bukatar fili sosai. Ana rubuta CO = HR × SV, a fayyace cewa yawan jinin da zuciya take turawa a minti ɗaya shi ne yawan bugunta a minti sau abin da take turawa a bugu guda, sannan a ajiye misali ɗaya da aka warware: bugu 70 sau mililita 70 ya ba da mililita 4,900, wato kusan lita 5 a minti. Idan aka yar da ma'aunin don neman wuri, ɗalibin da ya haddace haruffan zai iya rubuta 4,900 ba tare da ya san ko lita ce ko mililita ba.

Haɗarin da ya fi wannan ɓoyuwa shi ne yanke togaciya. Malami zai ce jijiyoyin da ke fita da jini daga zuciya suna ɗauke da jini mai wadatar iskar oksijin, ban da wadda take zuwa huhu. Mai neman gajarta jumla sai ya datse rabin na biyu, ya bar magana mai daɗin haddacewa wadda ba gaskiya ba ce, kuma a kan wannan togaciyar ce masu shirya tambayoyi suke son tsayawa. Duk jumlar da aka gajarta ya kamata a mayar da ita kusa da ta asali, a duba ko an zubar da wani "ban da" ko "muddin" a hanya.

Gwada takardar da iyakarta

Akwai alamomi da ke nuna takarda ba ta yi ba. Idan sai da aka rage girman rubutu zuwa 7 kafin komai ya shiga, to ba a zaɓi komai ba, matse shafukan kawai aka yi. Haka nan buga silaid tara a fuskar takarda ɗaya. Gwajin da ya fi inganci shi ne a rufe amsoshi, a bar kanun tambayoyi a buɗe, a yi ƙoƙarin ba da amsa da ka, sannan a ɗauko tambayoyin jarrabawar shekarun baya a ga ko abin da ke takardar ya isa a fara amsa su. Wannan ne ya sa ake son jera tambayoyin a siririn gurbi ta hagu, amsoshi ta dama, irin tsarin rubutun Cornell da Walter Pauk, malami a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya fito da shi a shekarun 1950, domin tafin hannu ko wata takarda ta iya rufe ɓangare ɗaya.

A shekarar 2013 masanin halayyar ɗan Adam John Dunlosky da abokan aikinsa suka yi nazarin dabarun karatu guda goma, suka sanya taƙaitawa a cikin masu ƙarancin amfani, musamman ga wanda ba a koya masa yadda ake yin ta ba, yayin da gwada kai da tambayoyi da kuma rarraba bita a ranaku daban-daban suka zo a sama. Abin da wannan yake nufi a aikace shi ne takardar da aka gama a daren jarrabawa aka yi ta maimaita karantawa ba ta ba da abin da ake zato, don sabon da ido ya yi da rubutun yakan sa mutum ya ɗauka ya iya. Gara a gama ta da sauran mako guda, a gwada kai da ita sau uku ko huɗu da tazarar kwana ɗaya ko biyu, ana sa ɗigo a gefen duk tambayar da aka kasa amsawa. A darussan lissafi da makamantansu kuma, takardar tana riƙe ƙa'ida da sharaɗinta da misali ɗaya ne kawai, sauran bitar sai an zauna an warware sababbin tambayoyi da biro a hannu.